Yadda ake kare PlayStation daga ɗauke wuta da hauhawarta a Kano

Wuta tana cutar da na'urar gem ta hanyoyi uku, kuma kowace hanya da nata maganin. Akwai ɗaukewar ba-zata, wadda ke katse na'ura tana tsakiyar rubutu a faifan ajiyarta, ta lalata abin da ka adana, wani lokaci har manhajar da ke tayar da ita. Akwai wuta marar ƙarfi, irin wadda ake samu da magariba a unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje da yawa. Sannan akwai wutar da ta zo da ƙarfi fiye da kima, musamman a daƙiƙun farko bayan an kawo ta, kuma ita ce ke ƙona sashen wutar cikin na'ura, wanda masu gyara ke kira fawa. Mutane da yawa suna sayen sitabilaiza kaɗai su ɗauka an gama, alhali matsala ɗaya take magancewa cikin ukun.

Zan yi bayanin da PS4 Slim da talabijin mai inci 32, domin haɗin da ya fi yawa ke nan a ɗakunan samari da ƙananan gidajen gem. Inda lissafin PS5 ya bambanta zan faɗa.

Kayan da za ka tanada

Gad, wato ƙaramin akwatin nan da ake makalawa a soket, wanda ake sayarwa da sunan `TV Guard`. Aikinsa ya yanke wuta idan ta haura iyaka, kuma ya ɗan jinkirta kafin ya sake ta idan aka dawo da ita.

Sitabilaiza mai `1000VA`, wadda ke da allon nuna ƙarfin wutar da ke shigowa da wadda ke fita, kuma tana da maɓallin `Delay`.

UPS mai `650VA` ko sama, wato akwati mai batir a ciki da ke ci gaba da ba da wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Idan burinka ka ci gaba da wasa na awoyi bayan an ɗauke wuta, to ƙaramar inbata da batir za ka nema a madadinsa, kuma bayaninta na mataki na 6.

Ekstenshan mai waya mai kauri da filogi mai ƙafa uku. Mitar gwajin wuta idan akwai, ko ta aro ce. Kwan fitila mai filogi ko ƙaramar fanka, don gwaji.

Ana samun duk waɗannan a Sabon Gari, a shagunan kayan wuta na titin Faransa da cikin kasuwa. Kada ka bar shago sai an jona maka kowanne ka ga ya yi aiki. Sitabilaiza kuwa ka ɗaga ta ka ji nauyinta. Taransifomar da ke cikinta ce ke yin aikin, saboda haka idan ka ga an rubuta babbar lamba a jiki amma ba ta da nauyi a hannu, ajiye ta.

1. Karanta bayan na'urarka, ka haɗa lissafi

Juya na'urar ka duba rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Yawancin PS4 da PS5 suna ɗauke da `100-240V`, ma'ana suna karɓar wutarmu ta bolt 230 ko daga wace ƙasa aka shigo da su. Amma tsofaffin na'urori na hannu da aka kawo daga Amurka, kamar Xbox 360 mai babban akwatin wuta a waje, da yawansu na bolt 100 ne zuwa 127. Idan ka ga irin wannan lamba kada ka kuskura ka jona a bango, nan take za ta ƙone. Yawancin sitabilaizoji suna da ramin `110V` daban, nan ne wurinta.

Yanzu lissafi. Iyakar abin da PS4 Slim ke ja shi ne wat 165, kodayake a wasa na yau da kullum ba ta kaiwa nan. Talabijin mai inci 32 na zamani yana cin wat 50 ko kusa da haka. Jimilla wat 215. Da wannan lambar za ka je kasuwa.

A nan ne masu saye ke ruɗewa. Lambar `VA` da aka rubuta baro-baro a kwali ba wat ba ce. A ƙananan UPS, wat ɗin gaske kusan kashi 60 cikin 100 ne na wannan lamba. Mai `650VA` ke nan yana ɗaukar wat 360 zuwa 390, wanda ya ishi haɗinmu har da rara. PS5 ta farko mai cin faifai kuwa iyakarta wat 350, idan ka ƙara talabijin mai inci 43 kun doshi wat 450. Mai `650VA` ba zai ɗauka ba, sai `1200VA` ko sama, sitabilaizar kuma `2000VA`.

Dalilin da ya sa na ce sitabilaiza ta zama `1000VA` a kan kaya masu wat 215 shi ne ƙarfinta na raguwa yayin da wutar da ke shigowa ke yin ƙasa. Idan wuta ta sauko wajen bolt 140, kusan rabin abin da aka rubuta kawai za ta iya ɗauka, ga shi kuma UPS yana jan nasa don cajin batir.

2. Gane halin wutar ɗakinka

Kafin ka kashe kuɗi, ka san cutar da kake magani. Jona sitabilaiza, ko ta maƙwabci ce, ka riƙa duba lambar `Input` da safe, da azahar, da kuma tsakanin magariba da isha, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ka yi haka na 'yan kwanaki, musamman a watannin zafi, Maris zuwa Mayu, da fankoki da na'urorin sanyaya ɗaki ke jan wuta.

Idan lambar tana zama tsakanin 200 da 240, wutarka lafiya ƙalau take, kana ma iya barin sitabilaiza ka tsaya a gad da UPS. Idan tana faɗowa ƙasa da 180 da dare, sitabilaiza ta zama dole. Ita PS4 ɗin tana jure wuta marar ƙarfi, tunda daga 100 take farawa. UPS ɗin ne ba ya jurewa. Da wuta ta yi ƙasa da iyakarsa sai ya ɗauka an ɗauke, ya koma kan batir, ya cinye shi alhali fitilar ɗaki na kunne. Idan kuwa kana ganin 250 zuwa sama, ka kira mai gyaran wuta tukuna, domin matsalar ta wuce ta gem.

Akwai alama ɗaya da nake so kowa ya sani. Idan ka ga wani kwan fitila ya yi haske kamar zai fashe, wani kuma a gida ɗaya ya dushe, fanka tana gudu da ƙara, to mai yiwuwa wayar nutural ce, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layi. A irin wannan hali soket na iya kawo abin da ya doshi bolt 400. Kada ka tsaya duba komai, je ka kashe babban makunnin gida.

Sai wayar at, wato ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke sauke wutar da ta ɓata zuwa ƙasa. A ɗakunan haya da yawa ramin yana nan amma babu waya a bayansa. Mai gyara zai gane cikin minti ɗaya da mita: tsakanin waya mai rai da at ya kamata a ga kusan abin da ake gani tsakanin mai rai da nutural. Idan ba ka saba riƙe mita a soket ba, bar masa wannan aikin. Wata alamar kuma ita ce jin ɗan tsikari idan ka taɓa ƙarfen bakin wayar HDMI.

3. Ekstenshan mai kariya da gad ba abu ɗaya ba ne

Ekstenshan da aka rubuta wa `Surge Protector` yana ɗauke da wani ɗan ƙaramin abu mai kama da kwabo a ciki, wanda ke shanye tsallen wuta na ƙiftawar ido, irin wanda ke biyo bayan tsawa daga nesa ko tashin injin markaɗe a layinku. Ana auna ƙarfinsa da `Joules`, kuma mai 1000 zuwa sama ya fi. Yana da iyaka biyu. Duk bugun da ya sha yana rage masa ƙarfi, har ya mutu alhali ramukan na ci gaba da ba da wuta, don haka ka nemi mai fitilar `Protected`, idan ta mutu ka canza shi. Na biyu, ba ya iya komai a kan wutar da ta hau 280 ta zauna a nan na mintuna. Shi kansa ƙonewa zai yi. Kuma in babu at a soket, wani ɓangare na kariyarsa ya tafi.

Gad shi ne ke maganin wutar da ta hau ta zauna. Da ta haura wajen 260 sai ya yanke, ba zai sake ba sai ta daidaita. A wurinmu, idan kuɗinka na abu ɗaya ne tak, gad nake ba da shawara kafin ekstenshan mai kariya, saboda abin da ya fi ƙona mana kaya shi ne dawowar wuta.

Ka lura da irin wanda za ka saya. Wanda ake yi don firji yana yanke wuta idan ta yi ƙasa, wajen 180 zuwa 190. Idan ka sa irinsa a gaban sitabilaiza, zai riƙa yankewa tun kafin ta samu damar ɗaga wutar, ka zauna a duhu kana zargin sitabilaiza. Ka ce wa mai shago wanda ke yanke ta sama kaɗai kake so, kuma ka karanta lambobin da ke bayan kwalin da kanka.

4. Jona su bi da bi

Tsarin shi ne: soket na bango, sai gad, sai sitabilaiza, sai UPS, sannan na'urar gem da talabijin a ramukan bayan UPS. Idan kana da ekstenshan mai kariya, wurinsa can farko ne a gefen bango. Kada ka sa shi a bayan UPS. Idan ramukan UPS ba su isa ba, ekstenshan na gama-gari marar kariya ya wadatar.

Talabijin dole ya kasance a kan UPS tare da na'urar. Na sha ganin wanda ya jona PS4 kaɗai don ya rage wa batir nauyi, aka ɗauke wuta, na'ura na kunne amma allo ya mutu, ba ya ganin inda zai adana wasansa.

Danna `Delay` a jikin sitabilaiza. Yawancinsu suna da gajeren jinkiri na 'yan daƙiƙu da dogo na kusan minti 3. Tunda kana da UPS, ka yi la'akari da cewa duk tsawon jinkirin a kan batir kake, saboda haka gajeren ya isa idan gad ɗinka ma yana jinkirtawa. Idan babu UPS, sa dogon. Sau da yawa akan kawo wuta, a ɗauke, a sake kawowa cikin minti ɗaya, kuma dogon jinkiri ne ke hana wannan kai-komo isa ga na'urarka.

Kada ka ɗora dutsen guga, hita, butar lantarki ko firji a kan wannan layi, ko da a ramin sitabilaiza na biyu ne. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1000 ko fiye. Kuma kada ka cusa filogi mai ƙafa biyu a soket mai uku yana lilo. Soket mai sako-sako yana tartsatsi a ciki, yana katse wuta yana mayarwa, illarsa ɗaya da ɗaukewar wuta. Sayi wayar da ta dace ko adafta mai kama filogi gam.

Ajiye sitabilaiza da UPS a kan benci ko katako, nesa da labule da katifa, da sarari a kowane gefe. Lokacin hunturu ƙura na toshe ramukan iskarsu, ka riƙa gogewa da busasshen burushi bayan ka zare su daga wuta.

5. Gwada kafin ka amince

Sabon UPS yana bukatar caji na awa 8 ko makamancin haka kafin a ɗora masa kaya. A unguwar da wuta ke zuwa gutsure-gutsure, wannan na iya ɗaukar kwana biyu. Ka yi haƙuri ya cika.

Gwajin farko da kwan fitila ko fanka za ka yi. Jona, kunna, sannan ka kashe makunnin bango. UPS zai yi ƙara, fitila kuma ta ci gaba da ci. Idan ya wuce wannan, jona talabijin da PS4, ka bar ta a allon farko ba tare da ka buɗe wasa ba, ka sake kashe bango. Idan na'urar ba ta ko girgiza ba, buɗe wasa mai nauyi, ka adana, ka sake gwadawa yana gudana. Wannan na ƙarshe ne gwajin gaskiya, domin a nan take jan wuta sosai.

Idan na'urar ta mutu a daidai lokacin canjin, ɗayan uku ne: batirin ya daɗe a shago ya yi rauni, ko UPS ɗin ya yi wa kayan kaɗan, ko kuma irin wutar da yake fitarwa ce fawar ba ta so. Ƙananan UPS masu araha suna fitar da wuta mai tsalle-tsalle, wadda aka rubuta wa `Simulated Sine Wave` ko `Modified Sine Wave`. PS4 Slim takan zauna da ita, sai dai wani lokaci ka ji fawa na ɗan zuza. PS5 kuwa, da tsadarta, ni ba zan ɗora ta a kan komai ba sai mai `Pure Sine Wave`.

Ka san abin da ka saya. Batirin cikin mai `650VA` yawanci guda ɗaya ne mai bolt 12 da `7Ah`. Mintuna kaɗan zai ba ka, biyar zuwa goma idan sabo ne. Na adana wasa da kashewa ne. Da ka ji ƙara, adana, danna maɓallin PS na jikin abin riƙewa ka riƙe, shiga `Power`, zaɓi `Turn Off PS4`. Jira farar fitilar ta gama ƙiftawa ta mutu gaba ɗaya, sannan ka kashe UPS. Masu cewa bari a ƙarasa wannan rabin lokacin, su ne batirinsu ke mutuwa cikin 'yan watanni, domin irin wannan batir ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Zafin Kano ma yana rage masa kwana. Idan ka ga mintunan sun koma daƙiƙu, batirin kawai za a canza, ba sai ka sayi sabon UPS ba.

Ka daina barin na'ura a `Rest Mode`, wato lokacin da fitilarta ke ruwan lemo. A wannan hali ba a kashe take ba, tana iya sauke sabuntawa tana rubutu a faifai, kuma idan wuta ta tafi kana barci, UPS zai yi ta ƙara har ya mutu da ita. Haka nan kada ka fara sabunta manhajar na'ura sai batir na cike.

6. Idan awoyi kake so, sai inbata

Ɗauki batir mai bolt 12 da `100Ah`. Ninka biyun, ka samu 1200, wato abin da ke cikinsa ke nan a ma'aunin wat na awa ɗaya. Batirin ruwa ko na jel rabinsa ake ci idan ana so ya yi ƙarko, saura 600. Inbata kanta tana cinye kusan kashi 15 cikin 100, saura wajen 510. PS4 Slim da talabijin ɗinmu a wasa na gaske suna cin kamar wat 130 zuwa 150, ka ga awa 3 da rabi zuwa 4 ke nan. PS5 da babban talabijin suna cin wajen wat 280, ba za su cika awa 2 ba. Mai gidan gem da ke da na'ura huɗu ya ninka nauyin sau huɗu, zai ga batir ɗaya ko awa ɗaya da ƙyar.

Inbata mai `1000VA` ta isa ɗaki ɗaya, kuma ta zama `Pure Sine Wave`. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan makunnin da ke bayanta. Gefe ɗaya an rubuta `UPS`, ɗayan `Eco` ko `Normal` ko `Wide`. A gefen `UPS` tana komawa batir cikin abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba, na'ura ba ta ji. A ɗaya gefen canjin ya fi jinkiri, fitila da fanka ba ruwansu, amma PS4 na iya mutuwa ta sake tashi. Sai dai a gefen `UPS` inbata ba ta karɓar wutar da ta yi ƙasa da wajen 180, saboda haka a unguwa mai raunin wuta sitabilaiza tana nan a gabanta.

Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama gajera mai kauri, da fis kusa da kan batir, domin a bolt 12 nauyin wat 280 yana jan sama da amfiya 25, siririyar waya za ta yi zafi ta narke. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne, an yi shi ne don bugu ɗaya na tayar da inji. Batirin ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kada a kulle shi a cikin kwaba ko ɗakin da ba taga.

7. Janareta da damina

Ƙaramin janareta yana hawa yana sauka, shi ya sa za ka ji UPS na ta ƙas-ƙas ya ƙi karɓar wutarsa, yana cin batir. Sitabilaiza ba ta cika gyara wannan ba, domin saurin juyawar injin ne ke rawa, ita kuwa ƙarfin wuta kawai take daidaitawa. Abin da ke taimakawa shi ne a gyara injin ya zauna daidai, a kuma ɗora masa 'yan fitilu da fanka tukuna. Ka tayar da shi, ka bar shi minti ɗaya ko biyu, sannan ka kunna layin gem. Wajen kashewa kuma na'ura ce farko, janareta daga baya. Kada ka bari mai ya ƙare kana wasa, domin wannan shaƙewar da inji ke yi kafin ya mutu tana jefa wuta sama da ƙasa.

Idan hadari ya haɗo da tsawa, daga Yuni zuwa Satumba, babu gad ko sitabilaizar da ke tare aradu. Kashe, ka zare filogi daga bango. Zare wayar dikoda daga talabijin ma, domin wuta na biyo wayar dish ta shiga talabijin, ta bi HDMI ta isa na'urar gem ko da ba a jone take da bango ba.

8. Idan an riga an ɗauke tana kunne

Kashe soket, ka jira a dawo da wuta ta zauna. Da ka kunna, PS4 za ta nuna tana duba ma'ajiyarta, da layi mai cika a hankali. Kada ka taɓa komai har ta gama, kuma kada ka yi wannan a kan wutar da ke rawa, domin katsewa ta biyu a wannan lokaci ta fi ta farko illa.

Idan bayan haka wasanni sun riƙa tsayawa ko allon farko ya yi nauyi, kashe ta gaba ɗaya, danna maɓallin kunnawa ka riƙe har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7. Jona abin riƙewa da wayar USB, danna PS, ka shiga `Safe Mode`. Zaɓi `Rebuild Database`. Wannan ba ya goge wasanninka, jera su yake sake yi, kuma yana iya ɗaukar mintuna ko awoyi gwargwadon cikar faifan. Ka nisanci duk zaɓin da ya fara da `Initialize PS4`, shi yana share komai. Tun kafin irin wannan rana, ka riƙa kwafe adanannen wasanka zuwa filashi ta `Application Saved Data Management` a cikin `Settings`.

Idan kuwa ka danna babu fitila babu ƙara, gwada wata wayar wuta da wani soket tukuna, ka duba fis ɗin cikin filogi. In har shiru, ko ka ji ƙaurin ƙuna daga ramukan baya, kada ka sake jonawa. Yawanci fawar ce ta tafi, kuma a PS4 sashe ne mai zaman kansa da ake cirewa a sa wani. Kai wa mai gyara, ka faɗa masa ainihin abin da ya faru da wutar, ka kuma nemi ya duba lambar da ke jikin tsohuwar fawar ya sa mai irinta, domin ta Slim da ta Pro da ta farko ba sa shiga wa juna.